Yadda za ka rubuta labarin kanka mai karatu ya ji abin da ka ji ba tare da ka faɗa masa ba

Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini rubutu mai shafi biyu a kan ranar da sakamakon jarrabawarsa ya fito, ya duba ya ga bai ci ba. Ga yadda tsakiyar rubutun take:

"Da na ga sakamakon hankalina ya tashi matuƙa. Baƙin ciki ya lulluɓe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na koma gida cikin tsananin damuwa da fargaba. Da na faɗa wa mahaifina bai ji daɗi ba ko kaɗan, ni kuma kunya ta kama ni. Ranar ba zan taɓa mantawa da ita ba."

Babu kuskuren nahawu, babu ƙarya. Jimla 5 ce, a cikinta an ambaci abin da ke zuciya har sau 6: tashin hankali, baƙin ciki, damuwa, fargaba, rashin jin daɗi, kunya. Amma na karanta na ajiye, ko gezau. Dalili kuwa shi ne duk wanda ya taɓa faɗuwa jarrabawa a duniya zai iya sa hannu a ƙasan wannan rubutu ya ce nasa ne. Ban ga gidan ba, ban ga uban ba, shi kansa yaron ban gan shi ba. Kalmar "baƙin ciki" kamar suna ne da aka rubuta a jikin akwatin da ke rufe. Mai karatu zai yarda da abin da aka rubuta, amma ba a buɗe masa ya leƙa ba.

Ga hanyar da muka bi ni da shi har rubutun ya miƙe, daki-daki. Ita nake bi a nawa rubutun ma.

Da farko, yanke labarin ya koma fage ɗaya

Rubutunsa ya fara tun daga shirin jarrabawa, ya bi ta watannin jira, ya ƙare da shawarar sake zama. Shekara guda ke nan a shafi biyu. Wanda ya ɗauko shekara guda zai cusa ta cikin kalmomi 800 dole ya yi ta taƙaitawa, kuma a wurin taƙaitawar ne sunayen nan irin su "damuwa" da "farin ciki" suke shigowa, domin su ne suka fi saurin kai mutum gaba.

Saboda haka ka tambayi kanka: a waɗanne mintoci ne wani abu ya sauya? Na tambayi ɗalibin, sai ya ce lokacin da ya ga sakamakon. Na ce ya sake tunani, wane wuri ne idan ya tuna har yau yake son kawar da kai? Ya yi shiru, can ya ce, "Malam, lokacin da na miƙa wa Baba takardar." To, nan labarin yake. Daga isowarsa ƙofar gida zuwa maganar da uban ya yi, bai wuce minti 10 ba. A rubutu mai kalmomi 800 zuwa 1,200, fage ɗaya irin wannan ya isa, ko biyu idan na biyun yana mayar wa na farko amsa. Sauran shekarar jimla uku ko huɗu za su ɗauke ta.

Na biyu, rubuta abin da ka ji a wata takarda daban

Wannan zai yi kama da saɓa wa abin da muke koyo, amma ba ka iya nuna abin da kai kanka ba ka tantance ba. Ka samu takarda daban, ka rubuta abin da ka ji a jimla ɗaya. Jimlar ba za ta shiga rubutun ba, kai kaɗai za ta yi wa aiki.

Amsar farko da wuya ta zama ta gaskiya. Ɗalibin ya rubuta "baƙin ciki". Na ce baƙin cikin me? Ya ce na faɗuwa. Na ce da a ce babu wanda zai taɓa sanin ya faɗi, zai ji haka? Ya ce a'a. To kunya ce? Ya ce har da ita, amma ya fi ƙarfin kunya. Sai a karo na huɗu ya rubuta: "Ina tsoron Baba ya cire rai da ni." Ka ga wannan daban take da baƙin ciki. Mai baƙin ciki kansa yake kallo. Mai tsoron a cire rai da shi kuwa fuskar wani yake karantawa, yana lura da kowane motsi nasa. Ke nan tun daga nan mun san inda idon labarin zai tsaya: a kan hannuwan uban da fuskarsa.

Na uku, tono abin da ya faru

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi yin ƙwauron lokaci. Ka ware minti 15, ka ajiye batun jimla mai daɗi, ka jera abubuwa 20 da ka tuna daga wannan fage. Kada ka tace. Goman farko za su zo da sauƙi kuma yawancinsu gama-gari ne. Masu amfani sukan fito daga na 12 zuwa sama, lokacin da ka ga kamar babu saura.

Tambayar "me ka ji?" ba ta tono komai. Waɗanda suke tonowa su ne irin waɗannan. A ina kake tsaye, kuma me ke tsakaninka da ɗayan? Me ke hannunka, me kake yi da shi? A kan me idonka ya kafe alhali ba shi da alaƙa da maganar? Wane sauti ne ya ci gaba kamar babu abin da ya faru? Me ka aikata wanda in wani ya gani zai ce ba shi da ma'ana? Me aka faɗa, kuma me ka yi ta jira a faɗa ba a faɗa ba?

Ga kaɗan daga yadda tamu ta gudana.

"Da ka iso gida, shiga ka yi kai tsaye?"

"A'a Malam. Na wuce ƙofar, na je ƙarshen layi na dawo. Sau biyu."

"Takardar tana ina?"

"A aljihu. Na ninke ta har ta ƙi ninkuwa."

"Shi Baban me yake yi?"

"Rediyonsa yake gyarawa. Ya kwance bayanta, ya zuba ƙusoshin a murfin kwalba."

"Ka ƙirga su?"

Ya yi dariya ya ce, "Guda shida ne. Wallahi ban san na ƙirga ba sai yanzu."

Wannan tambaya ta ƙarshe ba cinke na yi ba. Mutum idan yana cikin tsoro ko jiran mugun labari, hankalinsa yakan maƙale a kan wani ƙaramin abu da ke gabansa: tsagar bango, igiyar takalmin likita, agogon da ya tsaya. Shi ya sa irin waɗannan abubuwa suke da ƙarfi a rubutu. Mai karatu ya taɓa yin haka a nasa lokacin, saboda haka da ya ga yaro yana ƙirga ƙusoshi alhali ubansa na karanta sakamakonsa, jikinsa zai ba shi abin da ke faruwa tun kafin ya yi tunani.

Tambayar abin da ba shi da ma'ana ita ce ta fi kawo riba. Wuce ƙofar gidanku sau biyu ba shi da wata fa'ida, tsoro ne kawai ya sa ƙafa ta yi hakan. Matar da ta wanke kofin da yake a wanke bayan an yi mata waya, ko mutumin da ya ci gaba da biyan kuɗin layin wayar wanda ya rasu, duk irin wannan ne. Inda aiki ya kauce wa hankali, a nan zuciya ta bar sawu.

Na huɗu, zaɓi kaɗan ka zubar da saura

Daga cikin 20 ɗin, 4 ko 5 za ka riƙe. Ma'aunin shi ne jimlar nan da ka ɓoye a ɗaya takardar. Ka ɗora kowane abu a kanta ka tambaya: wannan yana tura mai karatu wajenta?

A jerin ɗalibin akwai cewa ranar ana zafi, akwai launin rigarsa, akwai ƙanwarsa da ke wasa a waje, akwai abokin da ya ci jarrabawar. Duk gaskiya ne, duk muka zubar. Zafin rana bai ce komai game da uba da ɗa ba. Abokin kuwa wani labari ne na daban, na hassada ko na ƙasƙanci, in ya shigo zai raba hankalin mai karatu biyu. Muka riƙe wuce ƙofa, da takardar da ta ƙi ninkuwa, da ƙusoshi shida, da tabarau ɗin uban, da tocilar da ya ba shi ya haska masa.

Akwai kuskuren da masu koyo suke faɗawa da zarar sun ji an ce a yi bayani dalla-dalla. Sai su cika shafi da siffanta ɗaki: labule kore, kujera uku, kalanda a bango. Wannan ƙidayar kaya ce. Yadda za ka gane ta: cire jimlar ka sake karantawa, in babu abin da ya ragu daga abin da ake ji, ba ta da aiki. Abu yana cin gurbinsa ne idan wani ya taɓa shi, ko ya kauce masa, ko ya sauya tsakanin farkon fage da ƙarshensa.

Na biyar, kula da aikatau, ka yi hattara da maganganun da suka gaji

Da yawa sukan ɗauka sun nuna abin da ke zuciya idan suka rubuta "gabana ya faɗi", "jikina ya yi sanyi", "zuciyata ta buga", "hawaye suka wanke mini fuska". A ganina waɗannan faɗa ne da ya sa rigar nunawa. A baka suna da daɗi kuma suna isar da saƙo, amma sun sha yawo har mai karatu ya daina ganin gaba ko jiki a cikinsu, yana karanta "gabana ya faɗi" kamar yadda zai karanta "na tsorata". Ban ce haramun ba ne. Ɗaya a duk rubutun ba laifi. In ka ga uku a sakin layi ɗaya, ka koma jerinka ka nemo abin da jikinka ya yi wanda na wani bai yi ba.

Ɗalibin ya so ya rubuta "hannuna yana rawa". Da muka bincika, ashe uban ya ba shi tocila ya haska masa cikin rediyon. To ba sai an ambaci hannu ba. Hasken ne zai riƙa rawa a kan wayoyin, uban na gani, shi ma yana gani, babu wanda ya tanka.

Sai aikatau. Hausa tana da wadata a nan, kuma sau da yawa kalma ɗaya takan ɗauke nauyin jimla guda ta bayani. "Ya ajiye takardar" daban, "ya jefar da ita" daban, "ya dangwarar" daban, "ya ture ta gefe" daban. "Ta shigo" ba ɗaya ba ne da "ta faɗo ɗakin" ko "ta sulalo". "Ya duba" sau ɗaya ne, "ya dudduba" kuwa akwai rashin natsuwa a ciki. Idan ka kama kanka kana rubuta "cikin fushi", "cikin sanyin jiki", "cike da murna" a bayan aikatau, alama ce aikatau ɗin bai yi ƙarfi ba. Maimakon "ya rufe ƙofa cikin fushi", ka ce "ya bugo ƙofa". Haka kalmomi irin su jugum, tsit, cak, sororo, wuf: suna zana yanayin jiki a take, amma kamar kururuwa suke, in ta yi yawa sai a daina juyowa. Biyu ko uku a shafi sun wadatar.

Na shida, kada ka shiga zuciyar wani

A labarin kanka, zuciya ɗaya kake da iko da ita. "Mahaifina bai ji daɗi ba" hasashe ne, domin abin da ɗalibin ya gani da ido shi ne uban ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ka ba mu abin da ka gani da abin da ka ji da kunne, ka bar mu mu yi hasashen tare da kai. Wannan ma ya fi kama da yadda abin ya faru, tunda a lokacin kai ma karanta fuska kake yi ba ka da tabbas.

Magana ma haka. Mutane a lokacin da abu ya yi tsanani ba kasafai suke faɗin abin da ke ransu ba. Sukan yi zancen wani abu na kusa. Idan a rubutunka uba ya ce, "Ɗana, na ji takaici amma har yanzu ina alfahari da kai," mai karatu zai ji ƙanshin ƙage, sai dai in da gaske haka ya faɗa. Ka rubuta abin da aka faɗa ko da ya yi kama da shirme, kuma ka bar "ya ce" yadda take, ba sai ka yi mata ado ba.

Na bakwai, ja lokaci a inda ya fi zafi

A rubutun farko, miƙa takarda da amsar uban rabin jimla suka samu, alhali su ne labarin. Haka muke yi duka: inda ya fi ciwo nan muke tsallakewa da gudu. Ka yi akasin haka. Tafiya daga makaranta zuwa gida jimla ɗaya ta ishe ta. Daƙiƙa 30 da uban ya yi yana karatu kuwa su ci sakin layi guda, motsi bayan motsi. Yawan wurin da ka ba abu shi ke gaya wa mai karatu nauyinsa. Kuma bayan dogayen jimloli, gajeriya ɗaya takan sauka da ƙarfi, muddin ba a mayar da hakan ɗabi'a ba.

Ga abin da ɗalibin ya dawo da shi bayan kwana uku:

"Na wuce ƙofar gidanmu na je ƙarshen layi na dawo, na sake wucewa. A karo na uku na shiga. Baba yana zaune ya kwance bayan rediyonsa, ya zuba ƙusoshin a murfin kwalba. Na ciro takardar daga aljihu. Tun a hanya nake ninke ta har ta ƙi ninkuwa, sai da ya ɗauki lokaci yana warware ta a kan gwiwarsa, yana shafe ta da tafin hannu. Ya karanta daga sama har ƙasa. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake farawa daga sama. Ƙusoshin guda shida ne, ɗaya ta fi sauran tsawo. Ya ɗaga rediyon ya sa takardar a ƙarƙashinta.

'Riƙe mini tocilan nan,' ya ce.

Na durƙusa na haska. Hasken ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, yana ta yawo a kan wayoyin."

Babu sunan abin da ke zuciya ko ɗaya a ciki. Ka lura da wurin da jimlar ƙusoshin ta faɗo: daidai lokacin da uban yake karatu na biyu. Ba a ce yaron ya kasa kallon fuskar ubansa ba, an dai nuna inda idonsa ya gudu.

Inda faɗa kai tsaye yake da gurbi

Kada ka ɗauki wannan a matsayin doka marar togaciya. Rubutun da babu komai a cikinsa sai motsi da kaya yakan zama kamar kallon mutane ta taga ba ka jin abin da suke cewa. Labarin kai yana da murya biyu: ta wanda abin ya faru da shi a lokacin, da ta wanda yake rubutawa yau. Ta farko ita ce ke nunawa. Ta biyu tana da damar yin bayani, kuma akwai wurare uku da ake bukatarta.

Na ɗaya, bayanin da mai karatu ba zai iya ganowa da kansa ba. Fagen can bai cika ba sai an san me jarrabawar take nufi a gidan. Ɗalibin ya ƙara jimla ɗaya kafin fagen: "Ni ne na farko a gidanmu da ya kai ga zama wannan jarrabawa, kuma shekara biyu Baba yana kirana da sunan aikin da yake so in yi." Faɗa ne kai tsaye, amma na abin da ya auku, kuma shi ya ɗora wa shirun uban nauyi. Na biyu, tsallake lokaci: "Mako uku ba mu sake tayar da maganar ba." Na uku, abin da ka fahimta daga baya wanda a lokacin ba ka sani ba. Sharaɗin wannan na ukun shi ne ya ƙara wani abu. Idan fage ya riga ya nuna tsoro sannan ka bi shi da "a gaskiya na tsorata ƙwarai", ka yi aikin sau biyu, kuma ka nuna wa mai karatu ba ka amince da fahimtarsa ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi yawan gogewa a rubutun ɗalibai: sakin layi mai kyau, sai jimlar ƙarshe ta zo ta fassara shi. Sau da yawa gyaran bai wuce share jimlar nan ba.

Abin da ba ka tuna ba

Da zarar mutum ya gane ƙananan abubuwa suna da ƙarfi, sai sha'awar ƙirƙiro su ta taso. A ƙagaggen labari wannan halal ne. A labarin kanka kuwa ka yi wa mai karatu alkawarin cewa abin ya faru. Kana iya sake gina magana gwargwadon yadda ka tuna ma'anarta da salon mai ita, tunda babu wanda ke haddace zance kalma da kalma. Amma kada ka sa ruwan sama a ranar da ba a yi ba don ya dace da kuka. Ƙagaggen bayani ma yakan tona kansa, domin ya cika dacewa. Na gaskiya yakan zo da ɗan karkata, kamar ƙusa ɗaya da ta fi sauran tsawo.

In ka manta, faɗin ka manta ma yana aiki. "Ban tuna yadda na fita daga ɗakin ba" ta nuna halin da kake ciki fiye da duk wata siffa da za ka ƙago. Kana kuma iya tambayar wanda yake wurin, ko ka koma ka duba wurin da kayan in suna nan.

Gwaji kafin ka ce ka gama

Gwajin farko kai kaɗai za ka yi. Ka ɗauki biro ka zagaye duk kalmar da ke ambaton abin da ke zuciya, da duk "cikin kaza", da duk "matuƙa", "ƙwarai", "sosai". A kan kowace ka yi tambaya ɗaya: abin da ke kusa da ita ya riga ya nuna wannan? In ya nuna, share ta. In bai nuna ba, koma jerinka ka samo abin da zai tsaya a gurbinta. In ka rasa, kuma jimlar tana da muhimmanci, bar ta. Daga nan ka karanta da babbar murya, inda numfashinka ya sarƙe ko ka ji kana sauri don ka wuce, ka sa alama.

Gwaji na biyu ya fi muhimmanci. Ka ba wanda bai san labarin ba ya karanta, kada ka yi masa wani share fage. Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, zai ce ya yi. Ka tambaye shi abu uku: me mai labarin yake ji, a wace jimla ka gane, me ka tuna bayan ka ajiye takardar? Sai ka kwatanta amsarsa da jimlar da ka ɓoye. Ba sai kalmomin sun zo ɗaya ba, amma su fuskanci wuri ɗaya.

Da muka gwada na ɗalibin a kan wata ɗaliba da ba ajinsu ɗaya ba, ta gane tsoron yaron nan take, ta nuna jimlar hasken da ya ƙi tsayawa. Amma game da uban sai ta ce, "Wannan mutum ya yi fushi, ya ma ƙi kula shi." Ɗalibin ya ce sam ba haka ba ne, shi a daren nan ya kwanta da sanin cewa ubansa bai cire rai da shi ba. Wannan ita ce kasadar nunawa: shiru yana karɓar fassara fiye da ɗaya, kuma mai karatu zai ɗauki wadda ta fi kusa da hannu. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙara "amma na san bai yi fushi ba". Na hana shi. Na ce tunda ya san hakan a daren, akwai abin da ya gani ko ya ji da ya sanar da shi, ya koma jerinsa ya nemo.

Yana nan, na 17 a jerin. Tun farko mun tsallake shi, laifina ne ma, na ɗauka zancen gyaran rediyo ne kawai. Ya mayar da shi ƙarshen fagen:

"Na durƙusa na haska. Hasken ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, yana ta yawo a kan wayoyin. Baba bai ɗago ba. Ya miƙo hannun hagu ya riƙe wuyan hannuna, ya saita hasken inda yake so. Bayan hasken ya tsaya ma bai saki ba, da hannu ɗaya ya ƙarasa aikin."

Muka kai wa wani mai karatun daban, wanda bai ga na farkon ba. Da aka tambaye shi halin uban sai ya ce, "Abin ya dame shi, amma yana tare da yaron." Da aka ce a ina ya gane, ya ɗora yatsa a kan "bai saki ba".